Motar da Ke Zafi a Gosulo, Ta Huce a Babban Titi

Akwai motar da za ta taso daga Kaduna ta shigo Kano allurar zafinta na zaune a tsakiya, ba ta motsa ba. Amma da ta faɗa cunkoson Kurna ko na Kantin Kwari da rana tsaka, kafin minti goma sha biyar allura ta fara tafiya sama. Idan hanya ta buɗe aka taka totur, sai ta dawo mazauninta kamar ba a yi komai ba. Masu irin wannan mota sukan daɗe suna lallaɓa ta, saboda matsalar tana ɓacewa da kanta, kuma duk makaniken da aka kai wa ya zaga da ita a titi zai dawo ya ce lafiyarta ƙalau.

Wannan hawa da sauka na allura ya riga ya nuna inda ciwon yake. A kan babban titi inji yana aiki fiye da yadda yake yi a gosulo, yana ƙona mai da yawa, yana fitar da zafi da yawa, amma duk da haka ya yi sanyi. Ke nan ruwa yana zagayawa, kuma lagireto yana iya ɗaukar nauyin da aka ɗora masa. Abin da ya canza tsakanin titin Zariya da cikin kasuwa shi ne iska. Don haka daga kan iska ya kamata bincike ya fara, tun kafin a yi zancen sayen sabon lagireto ko buɗe kan inji.

Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama ƙarfin da ke juya tayoyi. Ragowar zafi ne: wani ya fita ta salansa, wani kuma ya shiga jikin ƙarfen injin. Ruwan da ke zagaya cikin inji shi yake kwaso wannan zafi, famfon ruwa ya tura shi cikin lagireto, inda zai rarrabu a siraran bututu masu ɗauke da ƙananan fikafikai na alminiyam. Lagireto ba ya sanyaya ruwa da kansa. Shimfiɗa shi kawai yake yi domin iska ta ratsa ta ɗebe zafin, kamar kunun da aka juye a faffaɗan kwano, wanda in ba a fifita ba zai daɗe bai huce ba.

Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana karo da iska mai saurin kusan mita 28 a kowane sakan. Wannan iska tana kutsawa ta gaban mota ta ratsa lagireto kyauta, kuma ta fi abin da kowace fanka za ta iya jawowa. A irin wannan gudu, ko an cire fanka gaba ɗaya yawancin motoci ba za su yi zafi ba. Da gudu ya sauko ƙasa da kilomita 30 ko 40 a awa, iskar hanya ta daina isa. Idan aka tsaya cak, babu ita kwata-kwata. Daga nan rayuwar inji ta rataya a kan fanka. Ga kuma zafin kwalta, ga hayaƙin salansar motar da ke gabanka yana shiga ta hancin taka, ga watan Afrilu da zafin Kano ko Sakkwato ke wuce digiri 40. Idan esi na kunne, lamarin ya ƙara nauyi, domin kwandansar esi a gaban lagireto take zaune, duk iskar da za ta isa lagireto sai ta fara ɗaukar zafin kwandansa.

Yadda fanka ke samun umarni

Yawancin ƙananan motocin da ke titunanmu, irin su Corolla, Camry, Civic, Accord da Golf, fankar lantarki gare su. Ba a ƙera ta don ta riƙa juyawa kullum ba. Tamostat yana buɗewa a wajajen digiri 80 zuwa 88, ya danganta da mota, ya bar ruwa ya fara zuwa lagireto. Fanka kuwa sai zafin ruwa ya kai wajajen digiri 93 zuwa 100 take tashi, ta yi aiki na ɗan lokaci, zafi ya sauko da 'yan digirori, ta tsaya. Wanda bai san haka ba zai iya buɗe bonet da safe ya ga fanka a tsaye ya ɗauka ta mutu, alhali lokacinta ne bai yi ba.

Kafin ta juya, sai abubuwa da dama sun haɗa kai. Akwai sansa da ke jin zafin ruwa. A tsofaffin motoci wani ɗan makunni ne da ake ɗaurawa a jikin lagireto ko kusa da gidan tamostat, a sababbi kuma sansa tana aika wa kwamfutar mota bayani, ita ce take yanke hukunci. Daga nan umarni ya je ga rile, rile ya haɗa wuta mai ƙarfi daga batir ta bi ta fiyus zuwa motar fanka. Wasu motocin na baya-bayan nan suna da wani ɗan akwatin lantarki a jikin fankar da ke daidaita saurinta. Duk wanda ya gaza a cikin waɗannan, sakamakon ɗaya ne: mota lafiya lau a titi, zafi a gosulo.

Gwaji mafi sauƙi, wanda mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa, shi ne ya tayar da inji, ya kunna esi, ya buɗe bonet ya duba. A mafi yawan motoci, da kwampireso ya kama fanka za ta tashi, ko da injin bai yi zafi ba. Idan fanka biyu ce, a irin waɗannan motoci na Japan galibi duka biyun suke tashi. Idan sun tashi da esi amma suka ƙi tashi lokacin da inji ya yi zafi, motar fanka lafiyarta ƙalau, a nemi laifin a sansa, ko rile, ko wayoyin da ke tsakani. Idan babu wadda ta motsa, a fara da fiyus da ita kanta motar fankar. Sharaɗin wannan gwaji shi ne esin ya kasance da gas, domin idan gas ya ƙare kwampireso ba zai kama ba, fanka ma ba za ta samu umarni ba.

A kula da hannu da hannun riga da jelar rawani. Fankar lantarki tana tashi ba sallama, kuma a wasu motoci tana iya tashi ko bayan an kashe inji.

Bincike daki-daki a kan Camry mai fanka biyu

Mu ɗauki Camry mai silinda huɗu, ƙirar 2002 zuwa 2006, wadda ta cika gari. Ƙorafin mai ita shi ne wanda muka fara da shi, sai ƙarin abu ɗaya da ya ambata a gefe: in an tsaya a danja esin yana daina sanyi, in an tashi ya dawo. Wannan ƙarin ya fi ƙarfin a yi watsi da shi. Kwandansa da lagireto iska ɗaya suke sha. Idan su biyun suna gazawa a tsaye suna farfaɗowa a guje, to iskar ce babu.

Makaniken kirki zai fara da inji a sanyaye. Zai buɗe murfin lagireto ya ga ko ruwa ya cika har wuya, ba zai wadatu da kallon robar ajiyar ruwa ta gefe ba, domin tana iya zama cike alhali lagireto ya yi ƙasa. A ce ya tarar da ruwa daidai. Sai ya rufe, ya jona na'urar karanta kwamfutar mota a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ya nemo layin da ke nuna zafin ruwa, wanda ake rubutawa ECT. Dalilin yin haka shi ne allurar dashbod ba ta faɗin gaskiya dalla-dalla. A motoci da yawa an tsara ta ta zauna a tsakiya tun daga wajajen digiri 80 har zuwa sama da 100, don kada ta riƙa tayar wa direba hankali. Ranar da ka ga ta bar tsakiya, zafin ya riga ya yi nisa.

Ya bar motar tana silo, esi a kashe. Lambar ta hau 82, 88, 92. Tiyon lagireto da ke sanyi ɗazu ya ɗauki zafi, alamar tamostat ya buɗe. Can sama da 95 sai fanka ɗaya ta tashi, ɗayar ko motsi. Lambar ta ɗan tsaya, ta sauko kaɗan da ƙyar. Da ya kunna esi sai ta fara hawa, 100, 103, tana neman wucewa. A nan zai kashe inji, domin ya ga abin da yake nema.

Motocin Toyota da yawa masu fanka biyu suna amfani da rile uku. A ƙaramin gudu ana jera fankokin biyu a layin wuta ɗaya, wutar ta bi ta cikin ta farko ta shiga ta biyu, kowace ta samu rabi ta juya a hankali. A babban gudu sai rile su raba su, kowace ta samu cikakkiyar wuta. Saboda haka idan motar fanka ɗaya ta yanke a ciki, ƙaramin gudun ya mutu ga duka biyun, babban gudun kuma fanka ɗaya ce kawai za ta yi shi. Mai mota zai leƙa ya ji ƙarar fanka ya rantse tana aiki, alhali rabin lagireto ba ya samun iska. Da sanyin hunturu fanka ɗaya tana iya riƙe motar, shi ya sa ake yawan jin cewa matsalar “da bazara ta fara”.

Saura a tabbatar ko motar fankar ce ko wutar da ke zuwa mata. A akwatin fiyus na cikin bonet zai duba waɗanda aka rubuta wa RDI da CDS, ya gwada su da mita, ba da ido kawai ba. Zai musanya rilen da yake zargi da wani irinsa sak. Sannan ya zare soket ɗin fankar da ta ƙi tashi ya dubi bakinsa, ko ya yi baƙi, ko robar ta narke. Daga ƙarshe ya ba ta wuta kai tsaye daga batir ta waya mai fiyus. Idan ta yi shiru, ya ɗan ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukundireba ta yi firgigit ta tashi, to kabon ɗin cikinta ya cinye. Irin wannan fanka ita ce mai yaudara: yau ta tashi, gobe ta ƙi, rami ɗaya a titi ya isa ya farkar da ita ko ya kashe ta.

Nan ne makanike zai ce, “Alhaji, lagiretonka ba abin da ya same shi. Motar fanka ɗaya za mu canza.” Idan aka je Ƙofar Ruwa ko Fanteka neman ta Kwatano, a gwada ta da batir a gaban mai shago, a juya ta da hannu a ji ko tana gurnani ko tana da wasa a gindi. Bayan an ɗaura, gwajin ƙarshe shi ne a maimaita abin da ya jawo ƙorafin: mota a tsaye, esi a kunne, minti ashirin ko talatin da rana, ana kallon lambar tana hawa tana sauka a iyakarta. Zagayawa da ita a titi ba ya tabbatar da komai, tunda dama can a titi ba ta zafi.

Abu ɗaya game da fiyus. Idan aka tarar ya ƙone, akwai abin da ya ƙona shi, sau da yawa motar fanka ce da ta yi tauri tana jan wuta fiye da kima. Wanda ya cire mai 30A ya sa mai 40A, ko ya naɗa zaren waya a gurbinsa, ya mayar da wayoyin motar su zama fiyus ɗin, kuma da yawa daga gobarar cikin bonet daga nan take farawa.

Fankar da ke juyawa amma ba ta jan iska

Ganin fanka tana juyawa bai isa hujja ba. Fankar da ta tsufa tana iya yin rabin gudunta. Wayar ƙasa da ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta da bodi tana rage mata wuta. Altanetar da ta yi rauni ma haka, musamman a silo da dare, ga fitilu ga esi. Mita a kan batir, inji na aiki, ya kamata ta nuna tsakanin 13.5V da 14.5V, kuma abin da ke isa soket ɗin fanka bai kamata ya yi ƙasa da haka sosai ba.

Sai wanda ake samu bayan an yi gyaran gaba ko an canza fanka: mai wayarin ya juya wayoyin biyu, fanka ta koma juyawa baya. Maimakon ta jawo iskar waje ta cikin lagireto zuwa wajen inji, sai ta riƙa tura zazzafar iskar inji zuwa gaba, kuma da rauni, domin ba don wannan ɓangaren aka lanƙwasa fikafikanta ba. Takarda ɗaya ta isa gwaji. A riƙe ta a gaban kwandansa lokacin da fanka ke aiki. Idan ta manne, daidai ne. Idan iska ta ture ta, an juya waya.

Akwai kuma gidan fanka, wannan baƙar robar da ta rufe bayan lagireto ta bar rami daidai faɗin fanka. Mutane suna raina ta, idan ta fashe a yar da ita a ɗaure fankar da waya. Amma ita ce ke tilasta wa fanka ta ja iska ta cikin dukkan faɗin lagireto. In babu ita, fanka za ta ja iska daga gefe inda ya fi sauƙi, lagireto ya samu kaɗan. A guje ba za a lura ba, a gosulo ne abin ke fitowa. Haka soso da robobin da ke toshe tazarar gefen lagireto da kwandansa, waɗanda masu gyaran bodi kan manta su mayar.

Motoci irin su Hilux, Hiace da Land Cruiser da yawansu fankar bel gare su, wadda inji ke juyawa. A tsakiyarta akwai kuloc mai ɗauke da man silikon mai kauri. Idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, wani lanƙwasasshen ƙarfe a fuskar kuloc ɗin yana buɗe wa man hanya, fanka ta kama da ƙarfi, har ka ji gurnaninta. Idan man ya tsiyaye, fanka za ta ci gaba da juyawa a ido, amma sulɓi kawai take yi. Bayan inji ya yi zafi sosai aka kashe shi, a tura fiffike ɗaya da hannu. Mai lafiya za ta yi tauri ta tsaya nan take. Idan ta yi ta wulwulawa, ko aka ga maiƙo da ƙura sun taru a jikin kuloc ɗin, ya gama aiki. Wasu sukan ɗaure shi da ƙusa ya zama a kame kullum. Zafin gosulo zai tafi, amma za a biya da ƙara da shan mai, kuma fikafikan roba suna iya tsinkewa a babban gudu su fasa lagireto.

Rabon lagireto a cikin laifin

Lagireto yana toshewa ta hanya biyu, kuma alamominsu sun sha bamban. Toshewar ciki, wadda ruwan rijiya da na burtsatse ke kawowa da tsatsa da farin gishirin da ke daskarewa a bututu, ta fi nuna kanta lokacin da inji ke aiki da ƙarfi: a doguwar tafiya, ko hawan tudu irin na hanyar Jos da kaya. Wato kishiyar abin da muke magana a kai. Sai ta yi tsanani ƙwarai take bayyana a gosulo, kuma a lokacin motar za ta riƙa zafi a ko'ina. Wannan ne ya sa nake ganin asara ce a fara da sayen lagireto mai layi biyu saboda zafin gosulo. Lagireto mai kauri ya fi wuyar ratsawa ga iska, idan fanka ce mai rauni an ƙara mata aiki ne.

Toshewar waje ita ce ta shafe mu. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, gashin kaji, ƙwari, guntun leda, duk suna taruwa, kuma inda suka fi taruwa shi ne tazarar da ke tsakanin kwandansa da lagireto, wurin da ido ba ya gani daga gaba ko daga baya. Wani lokaci idan aka kwance ƙusoshin sama aka ɗan karkato lagireto, sai a tarar da dunƙulen datti ya rufe kashi ɗaya cikin uku na fuskarsa. Iskar babban titi tana da ƙarfin kutsawa ta ragowar wurin, fanka kuwa ba ta da wannan ƙarfin. A haska tocila daga bayan lagireto a leƙa ta gaba. Inda haske bai fito ba, iska ma ba ta wucewa. Wankinsa da ruwa ne mai sauƙin ƙarfi, daga ɓangaren inji zuwa waje. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana kwantar da fikafikan alminiyam ɗin, ya toshe abin da aka zo buɗewa.

Murfin lagireto ma yana da hannu. Lambar da ke kansa, 0.9 ko 1.1 a yawancin motocin Japan, tana nuna matsin da yake riƙewa. Ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100, a ƙarƙashin wannan matsi kuwa sai ya kai wajajen 120, idan an gauraya shi da kulan rabi da rabi ya ƙara sama. A gosulo zafin ruwa yakan kusanci 100 kafin fanka ta tashi, kuma wannan daidai ne. Amma idan robar murfin ta tsage, ruwan zai fara tafasa a wurin, ya tura kansa cikin robar ajiya ya zube, gobe a wayi gari ruwa ya ragu. Murfi yana cikin mafi arahar kayan mota, kuma ya kamata a sa mai lamba ɗaya da na asali.

Idan fanka ta ci duk gwaje-gwajen nan, lagireto kuma a wanke, sai a juya ga gudun ruwa. Famfon ruwa da inji yake tafiya, a silo yana juyawa a hankali. Idan tsatsa ta cinye fikafikansa, ko bel ya yi sako-sako, ko ruwa ya yi ƙasa iska ta shiga, to a silo ruwan ba zai zagaya sosai ba. A sa giya a firi, mota a tsaye, a ɗaga inji zuwa 2,000 ko 2,500 na minti ɗaya ko biyu. Idan zafi ya sauko alhali motar ba ta motsa ba kuma fankar lantarki ce, iska ba ta canza ba, gudun ruwa ne ya canza. Hita ma tana ba da shaida: idan tana busa sanyi a silo ta busa zafi in an taka totur, ruwa ya yi ƙasa ko famfo ya gaji.

Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye

Waɗannan biyun su ne maganin da aka fi bayarwa a garejinmu, har wasu na yi wa mota tun ranar da ta sauka daga Kwatano, da hujjar cewa tamostat na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. Motocin da kamfani ke sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa. A gosulo, inji na da zafi, tamostat mai lafiya a buɗe yake gaba ɗaya, cire shi ba ya ƙara ko ɗigon iska a lagireto. Abin da cirewar ke yi shi ne ta sa inji ya riƙa aiki a sanyaye a kan titi, kwamfuta ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba ta riƙa ƙara mai, inji ya riƙa cin kansa da wuri. A injuna da yawa kuma tamostat yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke rufe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa zagayawa cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Tamostat yana lalacewa, gaskiya ne, kuma idan ya maƙale a rufe mota za ta yi zafi a ko'ina cikin 'yan mintuna. Maganinsa a sa sabo.

Haɗa fanka da makulli, ta tashi da an kunna mota, dabara ce mai kyau ga wanda sansa ko rile ya mutu masa a hanya yana son ya isa gida. Zama da ita haka shi ne kuskure. Kabon ɗin da aka yi don aikin lokaci-lokaci zai cinye da wuri, kuma sau da yawa ana yin haɗin ne da siririyar waya ba fiyus. Ranar da fankar ta mutu, an koma gidan jiya, ga kuma wayoyin asali an yayyanka.

Idan allura ta fara hawa kana cikin cunkoso, kashe esi nan take, ka buɗe gilasai, ka kunna hita zuwa ƙarshe da fankarta. Hita ƙaramin lagireto ne a cikin dashbod, za ta ɗebe wani kaso na zafin, in dai ba a toshe tiyonta ba kamar yadda ake yi wa motoci da yawa a nan. Idan allurar ta ci gaba ko ta taɓa ja, ka gangara gefe ka kashe inji, ko da 'yan bayanka za su cika ka da hon. Kada ka buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, tiyon sama ya yi laushi ka iya matsa shi da hannu. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, da murfi ya saki zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji ko a ɗura shi cikin inji mai tsananin zafi, domin kan silinda na alminiyam ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Motar da ta taɓa kaiwa ja, ko an gyara fankar, tana bukatar a sa mata ido na 'yan makonni, saboda gasket ɗin kan inji yana iya samun rauni bai nuna nan take ba. A riƙa duba ruwa da safe. Idan yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, ko kumfa na tasowa a wuyan lagireto ba ƙaƙƙautawa tun inji na sanyi, ko tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan bayan an tayar da mota, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa a salansa, ko man inji ya koma launin shayi da madara, to hayaƙin silinda ya fara shiga ruwa ko ruwa ya fara shiga mai. Akwai gwajin da ake yi da wani shuɗin ruwa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya idan akwai hayaƙi a ciki. A nemi garejin da ke da shi kafin a yarda a kwance kan inji.